Rajistar aiki: haɗa bayanan marasa lafiya tsakanin manhajoji biyu da ba su da lambar shaida ɗaya

Litinin, 3 ga Maris, 2025

Aikin da aka ba ni shi ne in haɗa bayanan manhajoji biyu na wata cibiyar kiwon lafiya, waɗanda aka saya a lokuta daban-daban kuma ba a taɓa haɗa su ba. Ta farko ita ce rajistar marasa lafiya, wadda zan riƙa kira A, mai layi 48,000. Ta biyu ita ce ta ɗakin gwaje-gwaje, wadda zan kira B, mai layi 31,000. Kowacce tana ba mutum lambarta, kuma babu inda aka rubuta cewa lamba kaza ta A ita ce lamba kaza ta B. Abin da suka yi tarayya a kai gurabe biyar ne: sunan farko, sunan mahaifi, ranar haihuwa, jinsi da lambar waya.

Mun zauna da shugabar sashen rajista, mun yanke shawarar da sauran aikin zai dogara a kanta. Kuskure iri biyu ne ke iya faruwa: ko dai a haɗa mutum biyu a ce ɗaya ne, ko kuma a bar mutum ɗaya a rabe. Na biyun yana sa likita ya rasa tsohon sakamako, ya sake aika mutum gwaji. Na farkon kuwa yana sanya sakamakon gwajin wani a fayil ɗin wani, kuma ba lallai kowa ya lura ba. Saboda haka duk inda aka yi shakka, za a bar layukan a rabe a miƙa wa mutum ya duba. Haka kuma ba za a taɓa ainihin bayanan ba. Duk gyaran da zan yi zai zauna a sabbin gurabe kusa da na asali.

Alhamis, 6 ga Maris

Na gwada hanya mafi sauƙi don in san inda nake tsaye: na jera sunan farko, sunan mahaifi da ranar haihuwa suka zama haɗaɗɗen makulli guda, na nemi inda makullin A ya yi daidai da na B harafi da harafi. Layi 9,400 ne suka haɗu.

Wannan adadi ba shi da ma'ana sai an san nawa ya kamata su haɗu. Don haka na zaɓi layi 1,000 daga B ta hanyar ƙuri'a, ma'aikatan rajista biyu za su nemo kowanne a cikin A da hannu, har da ɗauko fayil na takarda idan ya kama. Wannan samfuri shi ne ma'aunin da zan riƙa gwada kowane mataki da shi, kuma dole ne a gina shi ba tare da taimakon manhajata ba, domin in da ita aka nemo su, sai ta zama tana ba kanta maki.

Talata, 11 ga Maris

Na fara daidaita rubutun sunaye: mayar da komai ƙananan haruffa, cire alamomi da giɓin da ya yi yawa, da ware laƙabi irin su Alhaji, Malam da Dokta zuwa gurbi na daban. Ban zubar da laƙabin ba, saboda akwai layukan da shi kaɗai aka rubuta a gurbin sunan farko.

An samu tangarɗa wajen cire alamomin da ke kan haruffa. Dabarar da aka saba ita ce a warware harafi ta tsarin NFKD na Unicode, wanda ke raba é zuwa e da alamarta, sannan a zubar da duk abin da ba ya cikin ASCII, wato haruffa, lambobi da alamomin madannan Ingilishi. To amma ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba haɗin harafi da alama ba ne a Unicode. Kowanne harafi ne mai zaman kansa wanda ba ya warwaruwa, don haka gaba ɗayansa ake zubarwa:

```python
import unicodedata
unicodedata.normalize("NFKD", "Ɗanladi").encode("ascii", "ignore")
# b'anladi'
```

Manhajar ba ta nuna wani kuskure ba. Abin ya fito ne lokacin da na jera daidaitattun sunaye bisa yawansu, na ga "anladi" da "anjuma" a jerin, alhali a B, inda ake bugawa da madannai marasa haruffa masu lanƙwasa, "danladi" ne. Tun da sunan ya rasa harafinsa na farko, duk wani mataki na gaba da zai dogara da farkon suna zai rasa shi. Gyaran shi ne a musanya haruffan kafin a warware:

```python
LANKWASA = str.maketrans("ƙɗɓƴ", "kdby")

def daidaita(s):
    s = s.casefold().translate(LANKWASA)
    s = unicodedata.normalize("NFKD", s)
    s = "".join(c for c in s if c.isascii() and (c.isalpha() or c == " "))
    return " ".join(s.split())
```

Daga yanzu, bayan kowane sauyi a dokokin daidaitawa, zan fitar da jerin sunaye 200 da suka fi yawa in karanta su da ido.

Juma'a, 14 ga Maris

Lambobin waya. Wasu an rubuta su da lambar ƙasa, wasu da sifili a gaba, wasu kuma sifilin ya ɓace saboda an taɓa wucewa da su ta Excel ya ɗauke su a matsayin adadi. Na mayar da duka tsarin E.164, wato na ƙasa da ƙasa mai farawa da lambar ƙasa, na ware waɗanda tsawonsu bai cika ba a matsayin gurbin da babu komai.

Laraba, 19 ga Maris

Ranar haihuwa ta ci mini lokaci fiye da yadda na tsara, kuma matsala biyu ce daban-daban.

Ta farko ita ce juyewar rana da wata. Wani ɓangare na B an shigo da shi ne daga tsohon fayil, a kan kwamfutar da aka saita ta tana karanta wata kafin rana. Irin wannan juyewa tana barin alamar da ake iya ganewa. Idan an rubuta 25/03/1990, kwamfutar ba za ta iya ɗaukar 25 a matsayin wata ba, sai ta bar shi a matsayin rubutu kawai. Idan kuwa 05/03/1990 ne, sai ta karɓa ba musu, ta mayar da 5 ga Maris ya zama 3 ga Mayu. Sakamakon haka, a wannan ɓangare duk ranakun da aka ajiye a matsayin kwanan wata na gaske ba su wuce 12 ga wata ba, sauran kuma suna zaune a matsayin rubutu. A cikin kwanaki 365 na shekara, 144 ne suke faɗawa tsakanin 1 da 12 ga wata, 12 daga cikinsu kuma rana da wata ɗaya ne, don haka juyewa ba ta sauya su. Saura 132, wato kusan kashi 36 cikin ɗari, su ne waɗanda ke lalacewa ba tare da sun yi kama da lalatattu ba. Tun da na iya gane iyakar ɓangaren ta ranar da aka shigo da shi, na juya su duka, na mayar da komai tsarin ISO 8601, shekara, wata, rana.

Ta biyu ba ta gyaruwa. Kashi 11 cikin ɗari na layukan A suna ɗauke da 1 ga Janairu, alhali da ranakun haihuwa sun bazu daidai, da rabon kowace rana bai wuce kashi 0.27 ba. Bayanin a fili yake: idan mutum ya faɗi shekarunsa kawai, ma'aikaci ya cire daga shekarar da ake ciki, manhajar kuma ta cike rana da wata da kanta. Shekarun ma sun taru a waɗanda suka ƙare da 0 da 5. Ranar 1990-01-01 kaɗai tana da layi 380 a A da 250 a B. Na ƙara gurbi mai nuna cewa ranar ta ƙiyasi ce, kuma a kwatance zan ɗauke ta a matsayin shekara kawai. Waɗanda da gaske aka haifa ranar 1 ga Janairu za su rasa wani ƙarfi a wajen haɗawa, amma su kaɗan ne idan aka kwatanta da sauran.

Litinin, 24 ga Maris

Ma'aikatan rajista sun gama samfurin. Cikin layi 1,000 na B, sun samu 840 a A. Sauran mutane ne da aka turo gwaji daga waje, ba su da fayil. Wannan yana nuna cewa haɗin gaskiya zai kai wajen 26,000.

Na sake gina haɗaɗɗen makullin da daidaitattun gurabe, ya haɗa layi 17,900 a maimakon 9,400. Ba a yi amfani da wani ma'aunin kamanni ba tukuna, tsabtace rubutu kaɗai ya kusan ninka adadin, kuma ina ganin wannan ne matakin da ya fi biyan wahalarsa a duk aikin.

Sai dai makulli yana da amfani ne kawai idan ƙofa ɗaya yake buɗewa. Na ƙirga makullan da suka bayyana fiye da sau ɗaya a cikin A ita kanta, na samu 610. Wasunsu mutum ɗaya ne da aka buɗe wa fayil sau biyu, amma mafi yawansu sunaye ne da suka yi yawa tare da 1 ga Janairu, wato mutane daban-daban da makullin ba ya iya bambantawa. Haka nan wanda makullinsa bai maimaitu a A ba, hakan bai tabbatar da cewa takwaransa na B shi ne ba, domin na B yana iya zama baƙo mai suna iri ɗaya. Don haka na cire duk masu ranar ƙiyasi daga wannan mataki, za su bi ta hanyar maki tare da sauran.

Juma'a, 28 ga Maris

Kafin auna kamanni dole a rage yawan abin da za a kwatanta. Idan kowane layin A zai gamu da kowane layin B, gami 1,488,000,000 ke nan, don neman haɗi 26,000. Hanyar ita ce a kasa layukan rukuni-rukuni, a kwatanta kawai waɗanda suka faɗa rukuni ɗaya. Na yi zagaye uku: masu cikakkiyar ranar haihuwa ɗaya, masu lambar waya ɗaya, da masu haruffa uku na farkon sunan mahaifi da shekarar haihuwa iri ɗaya. Gami ya isa ya shiga idan ya cika sharaɗin ko da zagaye ɗaya ne. Na hana ranakun ƙiyasi shiga zagayen farko, domin 1990-01-01 kaɗai zai haifar da 380 sau 250, wato gami 95,000 da kusan duka banza ne.

Abin da ya kamata a auna a nan shi ne nawa daga cikin haɗin gaskiya suka tsira, tun da duk wanda ya faɗi a wannan mataki ba zai sake samun damar a duba shi ba. Cikin 840 na samfurin, 818 ne suka shiga. Na karanta 22 ɗin da suka faɗi ɗaya bayan ɗaya, na tarar 13 an musanya musu gurbi, sunan mahaifi ya koma wurin sunan farko. Na ƙara zagaye na huɗu, wanda ke kwatanta farkon sunan mahaifi na A da farkon sunan farko na B, adadin ya koma 831. Jimillar gamin yanzu miliyan 2.1 ce, abin da kwamfutar ofis ke gamawa cikin 'yan mintuna.

Laraba, 2 ga Afrilu

Na zaɓi ma'aunin Jaro-Winkler don sunaye. Matthew Jaro ya bayyana asalinsa a 1989, William Winkler kuma ya ƙara masa gyara a 1990, dukansu a kan aikin ƙidayar jama'a ta Amurka. Ma'aunin yana ƙirga haruffan da sunaye biyu suka yi tarayya a kai a wurare na kusa, ya rage maki idan an sauya jerinsu, sannan gyaran Winkler ya ƙara lada idan farkon sunayen ɗaya ne, har zuwa haruffa huɗu. Maki 1 yana nufin babu bambanci.

Ga yadda lissafin yake a kan "usman" da "usmanu". Haruffa biyar ne suka dace, babu wanda ya sauya wuri, don haka ana ɗaukar matsakaicin 5/5, 5/6 da 1, a samu 0.944. Farkonsu ya dace har haruffa huɗu, sai a ƙara 4 × 0.1 × (1 − 0.944), a tashi da 0.967. Wannan ya yi daidai da abin da mutum zai ce.

Da na ci gaba da gwaji sai iyakar ma'aunin ta fito. "muhammad" da "mohammed", waɗanda suna ɗaya ne, sun samu 0.85, domin haruffa shida cikin takwas ne suka dace kuma sun rabu tun a harafi na biyu. "aminu" da "amina", namiji da mace, sun samu 0.92. "hassan" da "hassana" sun samu 0.971, sama da abin da "usman" da "usmanu" suka samu. Dalilin shi ne ladar Winkler ta ginu a kan lura cewa kuskuren rubutu ya fi faruwa a tsakiya da ƙarshen suna, amma a sunayen da ke cikin waɗannan bayanai harafin ƙarshe sau da yawa shi ne ke raba namiji da mace. Babu wata iyaka guda da zan sa wadda za ta karɓi 0.85 na farko ta ƙi 0.92 na biyu.

Abin da na yi kashi biyu ne. Na haɗa teburin sunaye da hannu, wanda ke mayar da Mohammed, Muhammadu da Muh'd zuwa siffa ɗaya, ya kuma san cewa Habu da Abubakar suna iya zama mutum ɗaya, abin da babu ma'aunin haruffa da zai gane. Sannan na daina ɗaukar makin a matsayin hukunci; na kasa shi mataki huɗu kawai: daidai, daidai ta teburi, kusa daga 0.92 zuwa sama, da kuma daban. Na gwada Soundex, wanda ke ba sunaye masu kama a furuci lamba ɗaya, na ajiye shi, tun da an gina shi a kan lafazin Ingilishi kuma yana zubar da wasulan da ba a farkon suna suke ba, don haka Aminu da Amina lamba ɗaya yake ba su.

Talata, 8 ga Afrilu

Yau na haɗa gurabe biyar su zama maki ɗaya, ta hanyar da Ivan Fellegi da Alan Sunter suka tsara a 1969. Ga kowane gurbi ana buƙatar adadi biyu. Na farko, m, shi ne yiwuwar gurbin ya dace idan layukan biyu na mutum ɗaya ne, wanda yake auna tsabtar bayanai. Na biyu, u, shi ne yiwuwar ya dace bisa katari idan na mutane daban ne, wanda yake auna yadda abin ya yi yawa a cikin jama'a.

```
nauyin dacewa  = log2(m / u)
nauyin saɓawa  = log2((1 - m) / (1 - u))
```

Na ƙiyasta m daga haɗi 840 na samfurin, u kuma daga gamin da aka zaɓa ta ƙuri'a, tun da kusan duk irin wannan gami na mutane daban ne. Jinsi yana da m na 0.98 da u na 0.5, don haka dacewarsa ba ta kai maki 1 ba, amma saɓawarsa tana rage 4.6. Cikakkiyar ranar haihuwa tana da m na 0.90 da u na kusan 0.0001, dacewarta tana ba da 13.1. Shekara kaɗai tana ba da 4.8. Ga sunaye, na lissafa u ga kowane suna bisa yawansa, saboda dacewa a kan sunan da mutum ɗaya cikin hamsin yake da shi ba ta kai dacewa a kan wanda mutum ɗaya cikin dubu biyar yake da shi ba.

Iyakar maki ba da ka na sa ta ba. Haɗin gaskiya 26,000 ne cikin gami biliyan 1.488, wato ɗaya cikin kusan 57,000, wanda a wannan ma'auni ya yi daidai da maki 15.8. Ma'ana, gamin da ya tara 15.8 rabi da rabi ne kawai. Kowane ƙarin maki ɗaya yana ninka rinjaye sau biyu, don haka ƙarin 10 yana kai shi kusan dubu ga ɗaya. Na sa 26 a matsayin iyakar haɗawa kai tsaye, 16 kuma a matsayin iyakar ƙasa, abin da ke tsakani zai je wa mai dubawa.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na gudanar da lissafin a kan duka gamin. Ban sauya komai ba, ina jiran a duba samfurin sakamakon.

Laraba, 16 ga Afrilu

Binciken ya fito da haɗin ƙarya a sama da iyakar 26, kuma kusan duka iri ɗaya ne. Ga misali guda, ban da sunan mahaifi. A yana da yaro Hassan, B kuma yana da yarinya Hassana. Sunan mahaifinsu ɗaya ne, wanda mutum ɗaya cikin hamsin yake da shi, maki 5.5. Sunan farko ya faɗa matakin kusa, maki 4.6. Ranar haihuwa ɗaya ce, 13.1. Lambar waya ɗaya ce, 13.8. Jinsi ya saɓa, an rage 4.6. Jimilla 32.4, sama da iyaka sosai, alhali 'yan biyu ne.

Lissafin bai yi kuskure ba. Sharaɗin da aka gina shi a kai ne ya karye. Tara nauyi yana halatta ne idan dacewar kowane gurbi ba ta dogara da ta wani ba. A tsakanin baƙi biyu hakan ya kusa gaskiya, amma 'yan gida ɗaya suna tarayya a sunan mahaifi da lambar waya saboda dalili ɗaya, 'yan biyu kuma har da ranar haihuwa. Sai ya zama an ƙirga hujja ɗaya sau uku, saɓawar jinsi kuma, wadda ita ce hujja ta gaske a nan, ba ta da nauyin da zai rinjaye su. Idan 'yan biyun jinsinsu ɗaya ne, ko wannan ragi babu.

Lambar waya ita ce ta fi yaudara. Makin 13.8 ya fito ne daga u na 0.00005, wanda gaskiya ne idan an ɗauki mutum biyu ta ƙuri'a daga dukan jama'a. Amma gamin da nake aunawa ba na ƙuri'a ba ne, zagaye na biyu ya tattaro su ne daidai saboda wayarsu ɗaya. Na ƙirga mutane nawa ke kan kowace lamba a A, na samu lamba ɗaya mai layi 140, wadda a bisa dukkan alamu wani ma'aikaci ne yake cike gurbin da ita idan mara lafiya ba shi da waya.

Gyara uku na yi. Duk lambar da ke da layi fiye da goma an mayar da ita gurbin da babu komai. Sunan mahaifi da waya sun zama gurbi ɗaya na gida, mai nauyi ɗaya da bai wuce 12 ba, maimakon a tara 5.5 da 13.8. Na uku kuma doka ce a waje da maki: idan gida da ranar haihuwa sun dace, ba za a haɗa kai tsaye ba sai sunan farko ya dace daidai ko ta teburi, jinsi ma ya dace. A misalin da ke sama, sabon makin 25.1 ne, ya riga ya faɗo ƙasa da iyaka, amma na bar dokar saboda 'yan biyu masu jinsi ɗaya.

Talata, 22 ga Afrilu

Akwai layukan B da suka wuce iyaka da layi biyu na A a lokaci ɗaya. Ban bar manhajar ta ɗaure su duka ukun su zama mutum ɗaya ba, domin irin wannan sarƙa, inda na farko ya yi kama da na biyu, na biyu ya yi kama da na uku, tana iya haɗa mutanen da ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Dokar yanzu ita ce a karɓi mafi maki kawai idan ya fi na biyu da tazarar 5. In ba haka ba, a tura duka wa mai dubawa, wanda sau da yawa zai tarar fayil biyu ne na mutum ɗaya a A.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Sakamakon zagayen wannan mako: layi 23,600 na B sun haɗu kai tsaye, 2,300 suna jiran dubawa, 5,100 ba su da takwara. An duba 500 da aka zaɓa ta ƙuri'a daga cikin waɗanda suka haɗu kai tsaye, ba a samu kuskure ba. A rahoton da na miƙa ban rubuta cewa babu kuskure ba, domin idan samfuri mai layi n bai nuna ko ɗaya ba, iyakar sama da za a iya dogara da ita kashi 95 cikin ɗari kusan 3/n ce. A nan kashi 0.6 ke nan, wanda a kan 23,600 yana iya kai wa layi 140. Don rage wannan, za a ƙara duba wasu 1,000, mafi yawansu daga masu maki 26 zuwa 30 da masu ranar ƙiyasi, inda haɗarin ya fi taruwa, a kuma lissafa kowane ɓangare daban.

Babban tsadar da ta rage ta lokacin ma'aikata ce. Mai dubawa yana gama gami ɗaya cikin kusan minti biyu idan bai ɗauko takarda ba, don haka 2,300 za su ci wajen awa 77. Na jera su daga mafi maki zuwa ƙasa, kuma allon dubawar yana nuna rubutun asali tare da daidaitacce, da launi a kan gurbin da ya saɓa.

Mako mai zuwa zan gina teburin haɗin da zai zauna dindindin: lambar A, lambar B, maki, sigar dokokin da aka yi amfani da su, wanda ya amince da ranar amincewa. Ba za a narkar da layuka biyu su zama ɗaya ba, ta yadda idan an gano haɗin ƙarya, goge layi ɗaya daga teburin ya isa ya warware shi. Hukuncin masu dubawa, na amincewa da na ƙi, zai koma cikin ƙiyasin m da teburin sunaye. Na kuma rubuta wa masu kula da B buƙatar a ƙara gurbin lambar A a fom ɗin karɓar gwaji, a sa shi dole ga duk mai fayil, tare da akwatin da ma'aikaci zai danna idan ranar haihuwa ta ƙiyasi ce.